Waya Ta Ɓata, Makulli Fa?

Duk mai riƙe da babbar waya ya san wahalar kalmar sirri: ko ka manta ta, ko wani ya yaudare ka ka rubuta ta a shafin bogi. Don maganin wannan ne kamfanonin Apple da Google da Microsoft suka sanar a watan Mayun 2022 cewa za su rungumi sabon makulli, wanda kake gani a fuskar wayarka da sunan passkey.

Makullin tagwaye ne. Ranar da ka yi rajista, wayarka za ta ƙera guda biyu masu dacewa da juna. Ɗaya ta miƙa wa shafin ya ajiye, ɗayan kuma ta ɓoye shi a cikinta. In ka zo shiga, shafin zai aiko da wani saƙo, ka ɗora yatsa ko ka danna lambar buɗe waya, sai makullin ɓoyen ya sa wa saƙon hannu. Zanen yatsanka ba ya barin wayar. Kuma makullin an ɗaure shi da adireshin shafin gaskiya, don haka ko ɗan damfara ya kwaikwayi shafin tsaf, waya ba za ta amsa masa ba.

To, a ce an zare wa wani ɗan kasuwa wayarsa ta Android a cunkoson Kantin Kwari. Makullansa ba su tafi da ita ba, domin akwai kwafinsu a kulle cikin asusunsa na Google. In ya sayi sabuwa, abu biyu za a nema: ya shiga asusun, sannan ya sa lambar ko zanen da yake buɗe tsohuwar wayar da shi. In ya manta wannan lambar, kamfanin kansa ba ya iya buɗe masa kwafin.

Inda gizo ke saƙar shi ne shiga asusun. Sau da yawa lambar tabbatarwa ta layin waya ake turo ta, layin kuwa yana hannun ɓarawo. Shi ya sa Google ke ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Rubuta su a takarda tun yau, ka adana a gida.

Ɓarawon fa? Muddin bai san lambar buɗe wayar ba, makullin bai da amfani a hannunsa. Amma in ya leƙa ya gan ta kafin ya zare, ƙofa a buɗe take. Don haka ka rufe layin nan take, ka shiga asusunka ta wata na'ura, ka goge abin da ke cikin ɓatacciyar wayar daga nesa, sannan ka fitar da ita daga asusun. Lambar nan da kake dannawa a bainar jama'a, yanzu ita ce makullin dukan makullanka. Ka kare ta da tafin hannu.