Yadda ake tsara bidiyon tallar fili na minti ɗaya

Yawancin bidiyoyin filaye da dillalan Kano ke ɗorawa a TikTok da WhatsApp da doguwar sallama suke farawa, sai kuma kirari: wuri ne na manya, dama ce ta samu. Kafin a ambaci sunan unguwa mai kallo ya wuce. Abin da ke jawo haka shi ne ɗaukar waya a hau magana ba tare da an rubuta komai ba.

Minti ɗaya kalmomi kimanin 120 yake ci idan ana magana a natse. Shi ya sa gogaggen dillali kan raba takarda biyu: gefe ɗaya abin da kyamara za ta nuna, ɗaya gefen abin da baki zai faɗa a daidai lokacin.

A ce fili ne a Danbare. Bai kamata ɗaukar ta fara daga cikin filin ba, domin ciyawa da jar ƙasa iri ɗaya ne ko'ina. A bakin titin Gwarzo za a tsaya, inda ake hango sabon matsugunin Jami'ar Bayero, a ce: "Fili ne a Danbare, daura da jami'a, ƙafa 50 da 100." Cikin daƙiƙa goma mai saye ya san unguwar, ya san girman. Daga nan kyamara ta bi hanyar shiga. Cewa "kusa da titi" ba ta gamsar da kowa. Dillali ya taka da ƙafarsa daga kwalta, ya duba agogo, ya rubuta mintunan da ya samu. Idan layin yana riƙe ruwa da damina, gara a faɗa, don ranar zuwa gani ba za a iya ɓoyewa ba.

A cikin filin, a nuna kusurwoyi huɗu da alamomin iyaka, da turken wuta idan akwai. Ga 'yan uwa mazauna ƙasashen waje, ana iya ƙarawa da cewa murabba'in mita 465 ne.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ke ɗaga farashi ko ta karya shi. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamna ne ke ba da shaidar mallaka a birane, don haka filin awon gwamnati da na awon igiya mai takardar dagaci ba darajarsu ɗaya ba. Dole rubutun ya fito fili ya ce wanne ne. Idan za a haska takardar, a rufe sunan mai ita.

Jimlar ƙarshe ta farashi ce, a faɗe shi da baki, a kuma rubuta shi a jikin bidiyon, tare da bayanin ko la'ada tana ciki. Dillalin da ya ce "sai an kira" zai yini yana amsa wayar waɗanda kuɗinsu bai kai ba.