Tafin Hannu da Sikeli a Awon Fidda Kai

Duk wanda ya taɓa yin azumi a Birkiteri, unguwar Hausawa ta birnin Yawunde, ya san cewa idan watan Ramalana ya kusa ƙarewa, akan ga magidanta suna ɗauko buhunan shinkafa domin zakkar fidda kai, kuma a nan ne muhawara kan tashi tsakanin masu cewa a auna da hannu yadda aka gada, da masu cewa a ɗora bisa sikeli kamar naman mahauta.

Asalin hukuncin dai sa'i ɗaya ne a kan kowane mutum, sa'i kuwa mudunnabi huɗu ne, shi kuma mudunnabi, kamar yadda fuƙaha'u suka bayyana, cikin tafuka biyu ne na mutum matsakaici, ba a shimfiɗe ba, ba a dunƙule ba. Ashe ke nan awon na cika ne, ba na nauyi ba, saboda haka ƙwaryar da ta ɗauki shinkafa ba lalle ta yi nauyi ɗaya ba idan aka cika ta da masara ko dawa. Kilo 2 da rabi da ake yawan ambata wa shinkafa kintace ne na malamai, waɗansunsu ma sukan kai shi kilo 3 domin ihtiyaɗi.

To, a ɗauki maigida mai ciyar da mutum 10, har da shi kansa. Tafi 40 na hannu biyu zai ɗiba, alhali hannu yakan gaji, ƙwaya kuma takan zube ta tsakanin yatsu; idan kowane tafi ya gaza da kashi ɗaya cikin goma, abin da ido ba zai gane ba, sai a wayi gari tafi 4 sun salwanta, wato sa'in mutum guda cur, wanda haƙƙin miskini ne. Dabarar ita ce ya natsu ya auna tafi huɗu cikakku a kwano guda, ya shaida iyakarsu, sa'an nan ya riƙa cika kwanon sau goma.

Sikelin ma ba ma'asumi ba ne, domin allurarsa takan kauce daga sifiri, akan kuma manta a cire nauyin kwano. Gwada shi ba wuya: a ɗora ƙullin sukari na kilo ɗaya wanda ba a buɗe ba, a ga abin da zai nuna.

Amma uwargida mai dafa shinkafar rana, wadda hannunta ya san cikin kowa a gidan, ban ga dalilin ɗora mata sikeli ba, tun da ragowa ba ta wuce ɗumame. A fidda kai kuwa, mai karatu, in ka yi shakka, ƙara tafi ɗaya. Abin da ya haura sadaka ce.