Kafin Ka Sa Hannu: Yadda Ake Gano Abin da Aka Sauya a Takardar Kwangila

An turo maka daftarin kwangila a PDF, kun tattauna, bayan mako guda aka turo wani aka ce "ɗan gyara kaɗan muka yi". Shafi ashirin ne, kuma ido ba ya kama sauyin lamba ɗaya a cikinsu. Wannan aikin na kwamfuta ne.

Da farko ka gwada zaɓar wata kalma a cikin takardar da linzamin kwamfuta. Idan ta zaɓu, rubutu ne na gaske. Idan ta ƙi, hoton takarda aka ɗauka, sai an bi da shi ta OCR, wato manhajar da ke mayar da hoto rubutu. Ita kuwa takan rikita 1 da l, ko 0 da O, don haka kowace lamba sai ka duba ta da idonka.

Mai Adobe Acrobat Pro zai buɗe Compare Files, ya sa tsohuwar takarda a Old File, sabuwa a New File. Wanda ba shi da ita yana iya buɗe kowace PDF a Microsoft Word ya adana, sannan ya shiga Review, ya danna Compare. Abin da aka goge zai fito da layi a tsakiyarsa, abin da aka ƙara da layi a ƙarƙashinsa.

A ce kwangilar kai shinkafa ce ga wata makaranta. Manhaja ta nuna wurare arba'in da suka bambanta. Kada gabanka ya faɗi: an cusa sabon sashe na 7 ne, sai duk lambobin da ke bayansa suka matsa da ɗaya. A cikin wannan tarin ne ainihin sauyin ya ɓuya, inda wa'adin biyan kuɗi ya tashi daga kwana 30 ya koma kwana 90.

Akwai kuma abin da manhajar ba za ta nuna ba sam. Sashe na 3 ya ce za a biya tara "kamar yadda sashe na 9 ya tanada". Ba a taɓa wannan jimla ba, amma sashen tarar ya koma na 10, na 9 kuma yanzu kan wani batu yake magana. Saboda haka duk inda wani sashe ya ambaci lambar wani, ka bi ka tabbatar.

Kada ka ɗora kwangila mai sirri a shafukan kyauta na intanet. Ka rubuta kowane sauyi da lambar sashensa ta dā da ta yanzu, ka kai wa lauyanka. Ranar sa hannu kuma, ka tabbatar takardar da ke gabanka ita ce wadda ka kwatanta.