Sukari nawa ne a cikin kwalbar? Amsar tana bayan roba

Yawancinmu idan muka ɗauki biskit ko lemon roba a kanti, abu biyu muke dubawa: lambar NAFDAC da ranar da kayan zai lalace. Daidai ne a duba su, sai dai ba su gaya maka abin da za ka zuba wa cikinka ba. Wannan bayanin yana baya, cikin ƙananan haruffa, a ɗan jadawalin da ido ke tsallakewa.

Abin da ya fi rikita mutane a jadawalin shi ne, alƙaluman da ke ciki galibi ba na dukan kayan ba ne. A samansa akwai ma'aunin da aka yi lissafi a kansa. Wani lokaci giram 100 ne, ko mililita 100 idan abin sha ne. Wani lokaci kuma adadin ci ɗaya ne, wanda kamfanin ya yanka da kansa, kuma sau da yawa bai kai abin da mutum ke ci a zama guda ba.

Mu ɗauki lemon roba mai gas, ta santilita 50, wato mililita 500. Irin wannan lemo yakan ɗauki sukari kimanin giram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100. Wanda ya ga 10.6 a jadawali zai ce ai da sauƙi. To, amma robar tana ɗauke da wannan ma'auni har sau biyar, kuma da wuya mai ƙishi a zafin Afrilu ya sha kashi ɗaya cikin biyar ya rufe. Ninka 10.6 sau 5, ka sami giram 53. Ƙaramin cokalin shayi, shafe ba tuli ba, yana ɗaukar sukari wajen giram 4. Raba 53 gida 4, za ka ga cokali 13 ne da 'yan kai. Ba mai tsayawa gaban mai shayi ya bari a zuba masa cokali 13 a kofi ɗaya, amma ga shi ana shanyewa kafin a gama cin shinkafar rana.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci, haɗe da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa. Ga babban mutum hakan ya kama wajen giram 50 a yini. Roba ɗaya ke nan ta cinye rabon yini har ta ɗora. Rabon yaro kuwa bai ma kai haka ba.

Haka lissafin yake a biskit. A ce jadawali ya nuna ci ɗaya giram 25 ne, da sukari giram 6, alhali nauyin fakitin giram 100. Yaron da ya cinye fakitin lokacin tara a makaranta ya ci giram 24, cokali shida. Idan kana son kwatanta biskit biyu, kada ka bi ta ci ɗaya, domin kowane kamfani da nasa awon. Dubi layin giram 100 na kowannensu, nan ne mudu ya zama ɗaya.

Sai jerin kayan haɗi. Ƙa'idarsa ita ce a fara da abin da ya fi nauyi a cikin kayan, a gangaro zuwa mafi ƙaranci. Saboda haka kwalin da aka zana wa mangwaro nunanne a gaba, idan jerinsa ya fara da ruwa, sannan sukari, mangwaron ya zo na uku, to ruwan sukari ka saya da ɗan mangwaro. A kula kuma, sukari yana da sunaye da yawa: gulukos, furuktos, sukuros, dekistiros. A rubutun Turanci dukansu suna ƙarewa da haruffan o, s da e. Idan aka yi amfani da iri biyu ko uku, kowanne yakan sauka ƙasa a jerin, alhali da za a haɗa su wuri ɗaya da sun hau sama.

Madara da yogot suna buƙatar ɗan lura. Nono yana da sukarinsa na asali, kusan giram 5 a mililita 100, kuma jadawali yakan haɗa shi da wanda aka ƙara. Jerin kayan haɗi ne zai raba gardama: idan babu sukari a cikinsa, wanda ke jadawalin na nonon ne.

Iyaye, da masu kula da mai ciwon sukari a gida, kafin ku biya kuɗi ku juya kayan, ku ga ma'aunin da aka yi lissafi a kansa, ku ninka shi har ya kai abin da za a ci, sannan ku raba gida huɗu ku ga cokali nawa ne.