Yadda madubi da takardar ƙyalli ke haskaka ɗakin amarya

A Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran garuruwan Jigawa, da dare ake yawan kai amarya. Idan babu wuta, fitilar caji ɗaya ce ke ɗauke da ɗakin, har ƙawaye su koma haska lalle da tocilan waya. Jeren da aka kwana biyu ana wahalarsa sai ya ɓace cikin duhu.

Dabarar magance wannan tsohuwa ce. Langa da tasa da kwalla da iyayenmu ke jerawa a bango suna mayar da hasken aci-balbal cikin ɗaki. Madubi ma haka yake: ba ya ƙirƙirar haske, yana ceto wanda bango zai shanye ne. Bangon ƙasa ko siminti tsirara na shanye fiye da rabin hasken da ya sauka a kansa, madubi kuwa yana dawo da fiye da kashi 80 cikin 100.

A ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 kowane ɓangare, da fitila ɗaya mai haska ko'ina. A ɗora ta a kan durowa a kusurwa, tsayinta ya wuce kan mai zama, sannan a jingina madubi a kowane bango na kusurwar, taƙi ɗaya daga fitilar. Madubai biyu da suka haɗu haka suna nuna hotunan fitila uku, sai a ga kamar huɗu ne.

Kusancin ne sirrin. Hoton fitila yana bayyana a bayan madubi daidai nisan da take a gabansa, kuma duk sanda nisa ya ninka biyu, haske kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa madubin da ke can bangon nesa ba ya ƙara abin kirki. Idan fitilar gaba kawai take haskawa, madubi a bayanta ɓata lokaci ne. Gara a juya ta ga farin silin.

Inda babu madubi, takardar alminiyon da ake naɗe gashi ta wadatar. A cukurkuɗa ta, a ware, a manna a kwali, don hasken ya bazu bai kashe ido ba. A zaɓi mai ruwan azurfa, domin ja ko shuɗiya na cinye haske, tana kuma sauya launin fuska a hoto.

Sai dai a kiyaye. Alminiyon na ɗaukar wutar lantarki, kada ya kusanci soket ko kan batir. Takardar naɗe kyauta kuwa yawanci leda ce, tana narkewa ta kama kusa da kyandir, fitilar ƙwai ko kaskon turare.

Kafin baƙi su iso, a zauna a mazaunin amarya. Idan hoton fitila na dukan ido, a ɗan karkata madubin sama.