Wa Ya Ɗinka, Wa Ya Ɗauki Hoto, Wa Ya Biya?

Ana saura mako biyu ƙaramar sallah, wata tela da na sani a Kano ta haɗa gwiwa da mutum huɗu suka yi hoton talla. Mai yadi a Kantin Kwari ya ba da atamfa turmi biyu, mai lalle ta yi zane, mai hoto ya ɗauka, wata mai turaren wuta kuma ta biya kuɗin wurin, da sharaɗin kaskonta ya fito a hoton. Da telar ta zo ɗorawa a Instagram, sai ta rubuta "Sabon ɗinkin sallah", ta jera sunaye huɗu a ƙasa kamar jerin gwano, ba ta ce wane ya yi me ba.

Kafin la'asar mai hoto ya gaji da amsa masu tambayar kuɗin lalle. Mai yadi kuwa shiru, ko mutum ɗaya bai neme shi ba, domin telar ta manta ɗigo guda a sunan shafinsa, sunan ya kai mutane shafin wani daban. Mai turare ta kira da ƙorafi: "Hajiya, ni da na biya, ni ce a ƙarshe?"

Gyaran ba shi da wuya. Kowane suna a sa aikinsa a gabansa, layi guda ga mutum guda:

```
Ɗinkin sallah | Tallafi: @sunan_mai_turare
Ɗinki: @sunan_tela
Atamfa: @sunan_mai_yadi
Lalle: @sunan_mai_lalle
Hoto: @sunan_mai_hoto
```

Mai turare ta hau layin farko ne saboda dalili biyu. Instagram yana nuna farkon rubutu kawai, wajen harafi 125, sauran sai an danna "more", kuma yawancin masu wucewa ba sa dannawa. Na biyu, mai kallo yana da haƙƙin sanin cewa kaskon nan da hayaƙi ke tashi a gefe ba haka kawai ya shigo hoton ba, kuɗi aka biya. Don haka ma manhajar ta tanadi alamar "Paid partnership", wadda ke fitowa a saman hoto. A ganina kyautar kaya ma biya ce. Idan mai yadi ya bar miki atamfar bayan an gama, ki faɗa.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne ɗaukar ambato, liƙa suna da gayyata a matsayin abu ɗaya. Rubuta @ da suna a cikin bayani ambato ne: mai shafin zai sami sanarwa, mai karatu zai iya danna sunan. Liƙa suna a jikin hoto ta "Tag people" yana kai hoton sashen hotunan da aka liƙa wa mutum, sashen da ba kowa ke leƙawa ba. Gayyata ta "Invite collaborators", wadda Instagram ya fito da ita a 2021, ita ce mai nauyi. Idan wanda aka gayyata ya amince, hoton zai zauna a shafinsa kamar shi ya ɗora, sunayensu a sama tare, mabiyan kowa su gani, kuma sharhi da adadin waɗanda suka nuna so duk a wuri guda suke taruwa. Sai dai wuƙa da nama suna hannun wanda ya fara ɗorawa. Ranar da ya goge hoton, ya ɓace daga shafin kowa. Saboda haka tun kafin a ɗauki hoto a yanke wa zai ɗora, wa za a gayyata, wa kuma ambato ya ishe shi.

Sunan shafi kuwa kada a rubuta shi da ka. A buɗe shafin mutum a kwafo, ko shi ya turo da kansa, domin akwai masu buɗe shafukan bogi da sunan 'yan kasuwa, bambancin ɗigo ko ɗan layi kawai, suna karɓar kuɗin mutane. Bayan an ɗora, a danna kowane suna a ga inda ya kai. Wanda bai dannu ba, wataƙila akwai kuskure a rubutunsa.

Wani abu da na sha gani: tela ta ambaci kowa, amma washegari mai lalle ta yanko hannun amarya kaɗai ta sa a nata shafin, ba sunan mai hoto, ba na kowa. Wannan ba daidai ba ne. Mai hoto da aka rage masa kuɗi da sunan "za mu tallata ka", sunan nan shi ne ragowar ladansa. Telar nan yanzu tana tura rubutun a zauren WhatsApp ɗinsu kwana guda kafin a ɗora, kowa ya duba sunansa da aikinsa ya ce ya yarda, kuma duk wanda zai sake amfani da hoton, da wannan jerin zai ɗora shi.