Kafin ka danna fayil ɗin da ka sauke

Tsakanin 2 da 6 ga Mayun 2017, mutane da dama sun shiga shafin HandBrake, manhajar sauya fasalin bidiyo, suka sauke ta Mac. Shafin na gaskiya ne, sunan fayil ɗin ma bai canja ba. Ashe 'yan kutse sun shiga ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke raba fayil ɗin, sun musanya shi da wani mai ɗauke da Proton, muguwar manhaja mai satar kalmomin sirri. Wanda ya ba da minti ɗaya ya duba lambar tantancewa, da ya ga ba ta yi daidai da wadda masu manhajar suka wallafa ba.

Ita wannan lamba tamkar zanen yatsa take ga fayil. Ana lissafa ta ne daga duk abin da ke cikinsa, kuma ko ɗigo aka taɓa, sai ta sauya gaba ɗaya. Wadda aka fi amfani da ita yau ita ce SHA256, jerin haruffa da lambobi 64. A Windows, buɗe PowerShell a inda fayil ɗin yake, ka rubuta wannan da sunan naka fayil:

```
Get-FileHash .\setup.exe -Algorithm SHA256
```

Mai Mac kuwa `shasum -a 256` zai rubuta, sannan sunan fayil. Sai ka gwada abin da ya fito da na shafin masu manhajar, dukansa, ba farko da ƙarshe kaɗai ba. Idan sun saɓa, wataƙila intanet ce ta yanke ana tsakiyar saukewa, wataƙila kuma an yi wa fayil ɗin cushe. Ko ma wanne ne, goge shi. Haka za ka yi wa manhajar da aboki ya ba ka a filash, domin shi ma bai san hannun da ta bi ba.

Sai dai lambar tana da iyaka. A 20 ga Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint kansa, aka karkata masu saukewa zuwa gurɓataccen fayil, aka kuma sauya lambar da ke shafin ta dace da shi. Wanda ya gwada a wurin, daidai zai gani.

Nan ne sa hannun dijital ya fi ƙarfi, domin da mabuɗin sirrin mai manhaja ake yin sa, kuma kutsa shafi ba ya ba ɓarawo wannan mabuɗi. A Windows, danna fayil ɗin da maɓallin dama, zaɓi `Properties`, sannan `Digital Signatures`, sannan `Details`. Ka tabbatar an ce sa hannun lafiya yake, kuma sunan da ke jiki na kamfanin da kake tsammani ne. Idan baƙon suna ka gani, ko kamfanin da ya saba sa hannu yau babu, kada ka buɗe shi.